Agogon fuskar waya ya ɓace a cikin farin leshi: ta ina za a fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Pantami ne a nan Gombe, sana'ata tuƙin Keke. Wayata Samsung Galaxy A15 ce. Na sa hoton 'yata na ranar Sallah a fuskar wayar, tana sanye da farin leshi, bayanta farin bango ne da baƙar ƙofa. A ɗaki ina ɗan ganin lokaci, amma da na fita rana sai na kāre da hannu kafin in karanta. Na mayar da agogon ruwan zinare, na ƙara wijet na batir da na yanayi, abin ya ƙara cakuɗewa. Ba na son cire hoton. Haka kuma Tecno ɗin maiɗakina kullum hotonta canza kansa yake yi, shi kuma ƙanina hularsa ta rufe rabin agogon iPhone ɗinsa. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya raya yarinya. Ba sai ka cire hoton ba, amma shi za a fara taɓawa. Agogo na biyu ne, wijet na ƙarshe. Kai ka faro ne daga wutsiya, shi ya sa kowane gyara ya ƙara dagula na baya.

Ido ba launi yake karantawa ba idan ya kalli lambobin agogo, tazarar haske yake karantawa, wato yadda lambar ta fi abin da ke bayanta haske ko duhu. Masu tsara shafukan intanet suna da ma'auni a kan wannan. Fari tas a kan baƙi ƙirin shi ne ƙololuwa, 21 da 1. Ƙaramin rubutu yana bukatar aƙalla 4.5 da 1, manyan haruffa irin na agogo kuma aƙalla 3 da 1. Rawaya a kan fari ba ta ko kai 1.1 da 1 ba, kuma ruwan zinaren da ka zaɓa ɗan gidansu ne. A idonka ya yi kama da wani launi daban, amma ta fuskar haske kusan tagwaye ne da farin bangon. Dalili shi ne ido ba ya ba launuka nauyi ɗaya: kore ne ke ɗauke da kusan kashi 72 cikin ɗari na hasken da muke gani a fari, ja kashi 21, shuɗi kashi 7 kacal. Rawaya haɗin ja da kore ce, saboda haka ta kwashe kashi 93 na hasken fari. Wannan lissafin ne kuma ya sa shuɗin agogo a kan baƙin hoto yake wahalar karantawa, duk da kyaun da yake yi a ɗaki.

Me ya sa sai a rana abin ke ta'azzara? Gilashin waya madubi ne. Hasken sarari yana faɗa masa ya dawo idonka, kuma wannan hasken yana hawa kan lambobin agogo da bayansu daidai wa daida. Fuskar A15 tana iya kai kimanin nit 800 idan ta ƙure haskenta a waje, nit kuwa shi ne awon hasken fuskar waya. Mu ƙaddara farin agogo yana ba da 800, bangon hotonka yana ba da rabin haka, 400. A ɗaki tazarar 2 da 1 ce, shi ne "ɗan ganin" da kake yi. Ka fito titi da azahar, mu ce gilashin ya ƙara 300 a kan kowanne. Yanzu 1100 ne a kan 700, tazara ta sauko 1.6. Agogo ya nitse ke nan. Da a ce bayan agogon duhu ne mai ba da 40 kawai, a rana zai zama 1100 a kan 340, wato 3.2, kuma za ka karanta da kallo ɗaya kana riƙe da kan Keke. Lambar 300 ɗin misali ce, tana hawa tana sauka gwargwadon inda ka juya wayar, amma darasin ba ya canzawa: abin da ya tsira da ƙyar a ɗaki ba zai tsira a ranar watan Maris ta Gombe ba.

To me zai hana a mayar da agogon baƙi kawai a huta? Da bangon fari ne daga gefe zuwa gefe, da wannan ce amsar, minti ɗaya an gama. Baƙar ƙofar nan ce ta hana. Agogo galibi launi ɗaya yake ɗauka gaba ɗayansa. Idan sa'a ta faɗa kan ƙofa, mintuna suka faɗa kan bango, farin agogo zai ba ka sa'a ya cinye mintuna, baƙi kuma ya yi akasin haka. Ko zaɓin da wayar ke yi da kanta bai iya warware wannan ba, domin matsakaicin hasken wurin take dubawa, kuma matsakaicin fari da baƙi toka ce, wadda babu ita a hoton. Saboda haka aikin shi ne a samar wa agogo fili mai haske iri ɗaya, ko duk duhu ko duk fari, wanda babu zane ko layi a cikinsa.

Ina jin ka gwada jan hoton ƙasa da yatsa don kan yarinyar ya bar wurin agogo, ya ƙi motsi. Ba wayar ce ta lalace ba. Fuskar A15 tana da fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, 1080 a faɗi da 2340 a tsawo, doguwa ce siririya. Hoton kyamara kuwa idan an ɗauke shi a tsaye kusan 3000 ne a faɗi da 4000 a tsawo. Don ya cika fuskar, wayar tana daidaita tsawonsa da nata tsawon, sai ta yanke gefe da gefe. Daga faɗin 3000 kusan 1850 kawai ke bayyana, fiye da kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Tunda tsawo ya riga ya cika cif, babu ragowar da za a ja sama ko ƙasa, hagu da dama kawai yake tafiya. Idan ka buɗa shi da yatsu biyu ya ƙara girma zai yarda ya motsa, amma kan yarinyar ma ya ƙara girma ya ƙara shiga wurin agogon. Abin da hoton ke bukata shi ne ƙarin fili a samansa, kuma wannan a wajen saitin waya ake yinsa.

Ga yadda lissafin yake. Agogo da abin da ke ƙarƙashinsa suna cin kusan sulusin sama na fuskar. Mu ce ɗankwalin yarinyar ya fara ne a fiksel 400 daga saman hoton, wato kashi 10 cikin ɗari na tsawonsa. Muna son ya sauko zuwa wajen kashi 35. Idan ka ƙara fiksel 1500 a sama, hoton ya zama 3000 da 5500, kanta kuma ya fara a 1900. Raba 1900 da 5500, ka samu kashi 34 da rabi. Ya yi. Akwai ma riba ta biyu: tunda hoton ya ƙara tsawo, abin da za a yanke a gefe ya ragu, yanzu kusan 2540 na faɗin ne zai fito maimakon 1850, hannayenta da aka yanke a da za su dawo. Iyakar abin da za ka iya ƙarawa kafin ya wuce ƙirar fuskar shi ne 2500, domin 3000 da 6500 shi ne daidai siffar wayarka. Ba sai ka riƙa ƙirga fiksel ba lokacin aikin. A ido, ka ƙara fili kamar kashi ɗaya cikin uku na tsawon hoton ko ɗan fiye.

Manhajar Snapseed kyauta ce kuma ta isa wannan aikin. Ka buɗe hoton, ka shiga Tools, ka zaɓi Expand. Za ka ga murabba'i kewaye da hoton, sai ka kama gefen sama kaɗai ka ja shi sama. A ƙasa akwai zaɓin abin da za a cike filin da shi: Smart, White da Black. Smart yana kwaikwayon abin da ke kusa ya ci gaba da shi, kuma a hotonka ba na ba da shawararsa, domin zai tsawaita ƙofar da bangon tare, matsalar da muke gudu ta biyo mu sama, wani lokaci har ya kwafo guntun ɗankwali ya liƙa a sararin. Ka zaɓi Black. Idan ja ɗaya bai kai yadda kake so ba, ka danna alamar amincewa ka sake shiga Expand ka ƙara.

Abin da zai fito da farko ba zai yi kyau ba: baƙin fili a sama, farin bango a ƙasa, da layi a tsakani kamar an yanka da reza. Sai ka koma Tools ka ɗauki Brush, ka zaɓi Exposure, ka saukar da shi zuwa -1.0, ka shafa yatsa a kan saman bangon daga layin zuwa ƙasa kaɗan. Daga nan ka mayar da shi -0.7 ka shafa ƙasa da wancan, sannan -0.3 a kusa da kanta, ta yadda duhun zai riƙa raguwa sannu a hankali. Farin bango ba ya yin duhu da shafa ɗaya, sai ka amince da na farko ka sake maimaitawa sau biyu ko uku. Ka kiyayi fuskarta. Idan yatsa ya zame ya taɓa ta, akwai magogi a tsakiyar lambobin, ka goge wurin. Wanda ba shi da haƙurin wannan zai iya amfani da Vignette, ya ja tsakiyar da'irar zuwa fuskar yarinyar, ya rage hasken waje sosai. Wannan yana duhunta dukkan gefuna lokaci guda, kuma yana taimakon alamomin kira da kyamara da ke kusurwoyin ƙasa, waɗanda su ma farin leshi kan haɗiye.

Wani zai ce me ya sa ba White ba, a sa baƙin agogo, tunda bangon fari ne? Yana aiki, a rana ma tazararsa ba ta gaza ta ɗayan ba. Amma fuskar A15 irin wadda kowane fiksel ke kunna kansa ce, baƙi a wurinta kashewa ne, fari kuma cin batir. Kuma wanda ya duba lokaci da asuba a ɗaki mai duhu ya san yadda farar fuska ke dukan ido. Ga mai fita tun sassafe ya dawo da dare, duhu a sama ya fi.

Abu ɗaya kafin ka fara: ka nemo asalin hoton daga wayar da ta ɗauka. Wanda ya biyo ta WhatsApp ta hanyar da aka saba an matse shi, dogon gefensa kan tsaya a wajen fiksel 1600, bai ma kai tsawon fuskarka ba, kuma da ka fara duhunta shi za ka ga bangon ya fashe ya yi tabo-tabo. Idan a wayar wani yake, ya turo maka shi a matsayin Document.

Yanzu sai agogo. Ka kunna fuskar ba tare da ka buɗe kulle ba, ka ɗora yatsa a wurin da babu komai ka riƙe. Za ta nemi lambar sirri ko zanen yatsa, sannan ta buɗe wurin gyara. Idan ta ƙi, ka shiga Settings, Lock screen, ka kunna Touch and hold to edit, ko ka bi ta Wallpaper and style ka taɓa hoton fuskar kulle. A can ka danna Wallpapers ka ɗauko sabon hoton daga Gallery. Idan ta tambayi inda za a sa shi, ka zaɓi fuskar kulle kaɗai, domin fuskar ciki tana da nata bukatun. Ka taɓa agogon, zai fito da murabba'i mai kusurwoyi, da jerin salo da haruffa da launuka a ƙasa.

A wajen launi ka zaɓi fari da hannunka. Kada ka bar wa wayar, kuma kada ka ɗauki launukan da ta tsamo daga hoton, masu laushi ne da aka yi don dacewa da ado, ba don karatu a rana ba. Haka nan ka guji launi mai rikiɗa daga wani zuwa wani, domin ƙarshensa ɗaya kullum yana da rauni. A wajen haruffa ka ɗauki mafi kauri. Wannan ya fi girma muhimmanci, kuma mutane sun fi kuskure a nan: su ja agogo ya cika rabin fuska da siririn rubutu, alhali siririn layi shi ne farkon abin da ƙyallin gilashi ke sharewa, kuma a Keke mai jijjiga 3 da 8, ko 1 da 7, sukan rikiɗe idan layin ba shi da jiki. Matsakaicin agogo mai kauri ya fi ƙaton siriri. Ka zaɓi salon da sa'a da mintuna suke layi ɗaya. Wanda ya ɗora sa'a a kan mintuna yana cin tsawo ninki biyu, zai sauko har kan ɗankwalin da muka sha wahalar kaucewa. Agogo mai hannu kuwa ado ne, ba na mai duba lokaci a tsakiyar hanya ba.

Wayarka ta zo da One UI 6, wato tsarin da Samsung ke ɗora wa wayoyinsa, wanda ke barin a ɗauki agogo a ajiye ko'ina a fuskar. Za ka iya jin sha'awar sauko da shi ƙasa kan leshin ka sa shi baƙi, ka huta da gyaran hoto. Ban goyi bayan haka ba. Leshi yana da huji da zane, lambobi ba sa zama lafiya a kansa. Tsakiya da ƙasa kuma wurin sanarwa ne, kuma idan suka taru agogon kan matsa ko ya ƙanƙance don ya ba su wuri, ka ga ya koma kan wurin da ba ka shirya masa ba. Ka bar shi a sama, ɗan ƙasa da kyamarar gaba, inda ido ya saba nemansa. Idan ka gama ka danna Done.

Sai wijet. Layin da ke ƙarƙashin agogo ya zo ne da One UI 6.1, kuma tunda ka iya ƙara su, wayarka ta riga ta samu wannan sabuntawar. Rubutunsu ƙanana ne, don haka su ne ke bukatar 4.5 da 1, sun fi agogon kansa bukatar duhu a baya. Suna kuma tafiya tare da agogo kamar jela, suna ƙara wa wurin da yake ci tsawo. Idan filin da ka ƙara ya ɗauki agogo amma wijet sun sauko kan inda duhu ya fara washewa, ko ka ƙara filin ko ka rage su. Ni a ganina na batir ba shi da aiki a nan. Ka shiga Settings, ka rubuta battery percentage a wurin bincike ka kunna, lambar za ta zauna a kusurwar sama ba tare da ta ci wuri ba. Na yanayi kuma kai da ke yini a titi ka fi shi sanin zafin Gombe. Idan akwai wanda ya cancanci zama, na ƙararrawa ne, domin yana nuna maka ko ka saita ta tashin asuba. Ɗaya ya isa. Don cirewa, ka taɓa layin a wurin gyara, alamar ragi za ta fito a kan kowanne.

Da yawa suna tambayar lokutan salla a wannan layin. Galibin manhajojin salla a Android ba a nan suke zama ba, sanarwa ce mai ɗorewa suke ajiyewa, kuma ita ce kan zama babban farin kati a tsakiyar fuska kullum. Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi wijet cin wuri. A wurin gyaran nan, ko a Settings, Notifications, za ka iya canza yadda sanarwa ke fitowa a fuskar kulle. A One UI 6 zaɓin Icon only ne da Details, a One UI 7 kuma Dot, Icons da Cards. Ka ɗauki na ƙananan alamomi. Saƙon kuɗi ya shigo, za ka ga alamar banki ka taɓa, fasinja na baya kuma bai karanta maka adadin ba, fuskar yarinyar ma ba a rufe ta ba.

Akwai wani saiti a Lock screen mai suna Roaming clock. Ba ya damun kowa a gida, amma ranar da Allah ya kira ka Umara ko Hajji ka tafi da layinka, zai raba wurin agogo biyu, na Makka da na gida, da tazarar awa 2 a tsakaninsu, kowanne ya ƙanƙance. Mai so ya bari, wanda ke rikicewa ya kashe.

Kada ka yanke hukunci a cikin ɗaki. Gwaji biyu ne. Na farko, kana kan fuskar kulle ka danna maɓallin gefe da na rage sauti tare don ɗaukar hoton fuskar. Ka buɗe shi a Gallery, ka shiga gyara, ka ja Saturation har ƙarshen ragi ya koma fari da baƙi. Launi ya daina ruɗinka ke nan. Duk lambar da ta haɗe da bayanta a nan, haka za ta yi a rana. Da ka yi wa ruwan zinaren nan wannan gwajin, da ka ga ya zama toka mai haske a kan fari. Na biyu, ka fita waje tsakanin sha biyu da biyu, ka miƙe hannu, ka kalli wayar na daƙiƙa ɗaya ka kau da kai. Idan ka iya faɗin mintuna, an gama.

Idan gwajin farko ya yi kyau amma na biyu ya faɗi, to laifin ya bar hoto ya koma haske. Ka duba Settings, Display, ko Adaptive brightness a kunne yake. Mutane kan kashe shi don tattalin batir, su bar hasken a rabi, alhali wayar ba ta kai ƙololuwar haskenta na rana sai ta wannan hanyar. Ka duba Power saving, wanda a Samsung yana da zaɓin rage haske da kashi 10. Ka tabbata Extra dim ba a kunne yake ba, ana mantawa da shi bayan an kunna da dare. Sai gilashin kariya. Mai hana na gefe gani yana cinye haske sosai, mai dishi-dishi da ake sa wa don wasa kuma yana baza hasken rana a duk fuskar ta koma fari-fari. A lokacin hunturu ƙura da maiƙon yatsa suna yin irin wannan aikin, shafa ɗaya da tsumma mai laushi kan dawo da abin da saiti bai dawo da shi ba. Kuma wayar da aka bari a gaban Keke rana na dukanta za ta yi zafi ta rage haskenta da kanta don kare batir, babu saitin da ke hana wannan sai inuwa.

Matsalar Tecno ɗin maiɗakinka ta fi sauƙi. Wayoyin Tecno da Infinix suna zuwa da wani tsari da ke sauya hoton fuskar kulle duk lokacin da aka kunna, yana kuma jan data don sauko da sababbi. Muddin yana aiki babu launin agogon da zai dace, domin yanzu teku ce, an jima farin dutse. Wurinsa yana bambanta daga waya zuwa waya, don haka ta shiga Settings ta rubuta Magazine a wurin bincike, ta kashe abin da ya fito, sannan ta sa hoto ɗaya tsayayye. A Redmi sunansa Wallpaper Carousel, a Samsung kuma Dynamic Lock screen. A ƙananan wayoyin da ba sa barin a motsa agogo ko a canza launinsa, gyaran hoton da na bayyana shi ne kaɗai mafita: ta ɗauki hoton fuskar ta ga inda agogon yake zaune, sai ta duhunta daidai wurin.

Na ƙaninka kuwa da gangan iPhone ta yi. Tun iOS 16 da ya fito a 2022 akwai Depth Effect, wanda ke gane mutum a hoto ya ɗora kansa a gaban agogo don a ga kamar lambobin suna bayansa. An tsara shi ya rufe ɗan ƙasan lambobi kawai, amma doguwar hula irin zanna bukar tana cin fiye da haka, kuma idan ta rufe ƙasan lamba, 0 da 9 sukan yi kama. Ya danna fuskar kulle ya riƙe, ya zaɓi Customize, ya taɓa ɗigo uku da ke kusurwar dama ta ƙasa, ya cire alamar da ke kan Depth Effect. Idan yana son adon ya zauna, ya sa yatsu biyu ya sauko da hoton har sai saman hular kaɗai ke taɓa gindin lambobin. Daga iOS 16 zuwa 18, sa wijet ko ɗaya a ƙarƙashin agogo yana kashe wannan adon da kansa, saboda haka dole ya zaɓi ɗaya. Idan ya taɓa agogon zai ga haruffa da launuka, kuma daga iOS 17 akwai abin ja na ƙara kaurin lambobi, ya kai shi wajen ƙarshe. Shi ba ya ma bukatar Snapseed idan yana kan iOS 17 ko sama: ya matse hoton da yatsu biyu, wayar za ta cike saman da launi mai dishi-dishi da ta ɗauko daga hoton. Idan kuma ya hau iOS 26 ya ga lambobin sun zama kamar gilashi ana hango hoto ta cikinsu, a wurin launin akwai Glass da Solid, ya ɗauki Solid.